Tsarin huɗubar Juma'a: Suratul Duha, aya ta 6 zuwa ta 11

Masallacin unguwarmu, bayan Ƙofar 'Yanɗaka, Katsina. Juma'ar farko bayan an gama yankan gero. Huɗuba ta farko minti 15, ta biyu minti 4. Rana tana dukan sahun waje, kada in zarce.

Nassi

In karanta surar duka, ayoyi 11 ne, yaran Islamiyya ma sun haddace ta. Amma huɗubar a kan ayoyi shidan ƙarshe za ta tsaya. Ma'anarsu da Hausa: "Ashe bai same ka maraya ba, Ya ba ka matsuguni? Ya same ka ba ka san hanyar ba tukuna, Ya shiryar da kai? Ya same ka ba ka da dukiya, Ya wadata ka? To, maraya kada ka danne shi. Mai tambaya kada ka daka masa tsawa. Ni'imar Ubangijinka kuwa, ka ba da labarinta."

Jigo

Wanda Allah Ya riƙe lokacin da ba shi da ƙarfi, ana binsa bashin riƙe marar ƙarfi. Wannan jimlar kaɗai nake so mutum ya fita da ita. In faɗe ta a buɗewa, in maimaita ta a ƙarshen kowane mataki, da kalmominta, ba canji.

Ayoyin da kansu suka raba aikin: tuni uku, umarni uku. Ta 6 da ta 9, ta 7 da ta 10, ta 8 da ta 11. Haka Ibnu Kasir ya haɗa su a tafsirinsa, ni ma haka zan bi.

Buɗewa, bayan hamdala da salati da wasiyyar tsoron Allah

Ya bayin Allah, akwai lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi rashin lafiya, bai tashi sallar dare ba kwana biyu ko uku. Sai wata mata a Makka ta zo tana yi masa gori, wai mai zuwa masa ya rabu da shi. Bukhari da Muslim sun rawaito wannan daga Jundubu. Sai Allah Ya saukar da wannan sura, Ya rantse da hantsi, Ya rantse da dare idan ya yi tsit: Ubangijinka bai rabu da kai ba, bai kuma ƙi ka ba. Ku lura da yadda aka lallashe shi. An ce ya waiwaya, ya dubi inda aka ɗauko shi. Da ya waiwaya kuma sai aka nuna masa mutum uku da ke tsaye yau inda ya taɓa tsayawa.

Mataki na farko: an ba ka matsuguni, kada ka danne maraya

Nan ne nauyin huɗubar. Minti 7, ko da zai ci na sauran.

Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ciki. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa, tsakanin Makka da Madina, yana da shekara 6. Kakansa Abdul Muɗɗalibi ya ɗauke shi, shi ma ya rasu Annabi yana da shekara 8. Sai baffansa Abu Ɗalibi, mutum mai iyali da yawa, marar yalwar hannu, ya haɗa shi da 'ya'yansa. In ɗan tsaya a nan, in tambaye su: da me Allah Ya ba shi matsugunin? Da ɗakin kaka, da ɗakin baffa. Allah ne Ya riƙe shi, amma hannun dangi aka gani.

Sai in sauko gida. Jama'a, ba sai an ba mu labarin maraya ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya, kangayen unguwar nan sun cika da mata da yara, iyayensu maza suna ƙasa. Muna wuce su da asuba in za mu masallaci. Amma akwai marayan da ya fi waɗannan ɓuya, shi ne na cikin gidanmu, ɗan wanka ko ɗan ƙanenka da ya rasu.

Ayar ta ce kada ka danne shi, kuma dannewa ba sai da bulala ba. Mutum ya rasu ya bar gona da filoti da 'ya'ya ƙanana. Baffa ya ce a bar komai a hannunsa har su girma. Shekara goma yana noma gonar, rumbunsa na cika, yaran suna tallan ruwa. Sun girma sun zo, ya ce ai cinku da shanku sun cinye ta. Ko kuwa a gida ɗaya, ɗanka yana makarantar kuɗi, ɗan marigayi shi ne na ɗebo ruwa da wankin babur, ranar Sallah a ɗinka wa naka shadda a ba shi kwance. Ba wanda ya taɓa jikinsa, amma an danne shi tun yana ƙarami, ya saba da yin shiru.

Aya ɗaya ta taimako ta isa, Nisa'i ta 10: masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikunansu. In haɗa da umarnin aya ta 6 a surar, cewa idan sun kai munzali an ga hankalinsu a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu. Sannan in sassauta murya da hadisin Sahlu ɗan Sa'adu a Bukhari: ni da mai riƙon maraya kamar haka muke a Aljanna. In ɗaga manuniya da ta tsakiya kamar yadda ya yi.

(Misalin baffa da gona zai yi kama da rigimar wani gida a unguwar nan, kowa ya san ta. Kada in kalli ɓangaren da suke zama, kada in ƙara ko da siffa ɗaya da za ta nuna su. Mumbari ba wurin habaici ba ne.)

Abin yi: duk wanda dukiyar maraya ke hannunsa, kafin Juma'a mai zuwa ya rubuta abin da yake riƙe da shi, ya sa mutum biyu su shaida. Mutuwa ba ta sallama, kada 'ya'yanka su gaji wuta suna zaton gona ce.

Jigo.

Mataki na biyu: an shiryar da kai, kada ka daka wa mai tambaya tsawa

Hattara da fassarar aya ta 7. Ba zan ce "ɓatacce" ba, domin Annabi bai taɓa yi wa gunki sujada ba, kuma kunnen mutane zai ɗauki kalmar inda ba a nufa ba. Aya ta 52 a Suratush Shura ta fassara ta: ba ka kasance ka san mene ne Littafi ko imani ba, sai da Muka sanya shi haske. Wato sanin ma ba shi aka yi.

Mai tambaya iri biyu ne, ayar ta ɗauke su duka. Na farko mai neman sani. Wannan ni ya fara kamawa, da malaman allo da na Islamiyya da ke sahun gaba, kuma in faɗi haka a fili. Dattijo mai furfura ya zo a ɓoye yana tambayar yadda ake wankan janaba, sai ka ce masa, "Har yau ba ka sani ba?" Ba zai sake tambaya ba, zai mutu da kuskurensa, kai kuma da kasonka. Haka oga a gareji ko shagon ɗinki, yaro ya tambaye shi sau biyu sai zagi. Kai ma wani ya kama hannunka a kan allo kana kuka.

Na biyu mai roƙo. Almajiri ya tsaya a ƙofa da ƙoƙonsa, matar da ta gudo daga ƙauye ta tare ka a bakin kasuwa. Ayar ba ta ce dole kana da abin bayarwa kullum ba, tsawa ta hana. "Allah Ya ba da haƙuri" ba ta cin ko kwabo. Baƙara ta 263: magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da gori ke bin ta.

Wani zai ce a ransa, ai wasu bara ta zame musu sana'a. Gaskiya ne, kuma akwai hadisai masu zafi a kan haka. Jimla ɗaya zan ba shi: hisabinsu daban, naka harshenka ne. Maganar bara huɗuba ce mai zaman kanta, ba yau ba.

Jigo.

Mataki na uku: an wadata ka, ka ba da labarin ni'ima

Gajere, minti 3. Annabi ya tashi yana kiwon tumakin mutanen Makka a kan lada kaɗan, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija, daga baya ita da Abubakar suka buɗe masa hannu. Duk da haka shi ne ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce.

Mu kuwa a nan mun ƙware da ɓoye ni'ima. Tambayi mutum yaya kaka, rumbu uku a cike, ya ce, "Kai, bana sai a hankali." Tsoron baki, tsoron dangi su zo. In yarda da su cewa a wannan zamani na satar mutane ba wanda zai hau kasuwa yana ƙirga buhunansa, kuma ayar ba ta nemi alfahari ba. Amma ni'ima tana da wata hanyar magana. Idan kwanon tuwo ya fita daga gidanka ya shiga kangon da ke bayanka, labarin ya isa inda ake so ya isa. Nan mataki na uku ya koma ya haɗu da na farko da na biyu: abin da aka wadata ka da shi, shi ne matsugunin maraya da amsar mai tambaya.

(Zakkar hatsi tana jan hankalina, lokacinta ne. In ambaci cewa Juma'a mai zuwa a kanta za mu tsaya, in wuce. Idan na shiga nisabi da ushiri, jigon ya zama biyu.)

Jigo, karo na ƙarshe. Istigfari, in zauna.

Huɗuba ta biyu

Hamdala da salati. Kada in kawo sabon nassi. In sake karanta ayoyi ukun umarni da Larabci, a hankali. In nemi kowane magidanci, kafin ya tashi daga inda yake zaune, ya ambaci sunan maraya ɗaya a zuciyarsa, wanda ya sani da gidansu, ya yanke abin da zai yi masa a wannan mako: kuɗin makaranta, ko kwanon gero, ko mayar masa da takardar filinsa. Wanda bai san kowa ba ya ga ladan bayan sallah, shi da mai unguwa sun zaga sun rubuta gidaje 14 da ke da marayu a layukanmu.

Addu'a: ga mamatanmu, musamman waɗanda aka kashe a gonakinsu da kan hanya, ga waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Allah Ya kuɓutar da su, ga matan da aka bari da yara, ga shugabanni, Allah Ya ba su ikon tsare rayukan talakawa, albarka a abin da aka girbe.

A tayar da sallah. Raka'ar farko Sabbi, ta biyu Gashiya.