Wasiƙa ga kwamitin ruwa kan gwajin sabon foraj

Damagaram, watan Afrilu

Zuwa ga shugaban kwamitin ruwa da membobinsa, ta hannun Mai gari, Allah ya ƙara masa lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun wuni lafiya, ga bayanin gwajin da muka yi wa foraj ɗinku. A karanta shi a gaban kowa, har da matan kwamiti, tunda su ne ke wuni a bakin famfo.

Zurfin ramin mita 68 ne. Ƙasarku dutse ce irin ta kewayen Damagaram, ruwa yana cikin tsagogin dutsen ne kawai. Ba kamar Korama ba, wajen Matamaye da Magarya, inda ruwa ke kwance cikin yashi kusa-kusa. Ko birnin Damagaram daga Gogo da Macaya da Arunguza ake jawo masa ruwa. Babbar tsagar da ke ba ku ruwa tana mita 46, akwai wata ƙarama a 57.

Kafin mu tada famfo, ruwa yana tsaye a mita 21. Muka fara ja hawa-hawa, kowane mataki awa ɗaya. Da lita 1,000 a awa, ruwa ya sauka mita biyu da rabi. Da 2,000, ya sauka mita 6. Da 3,000, mita 11. Da muka kai 4,000 sai ya zube mita 19, ya kuma fara gurɓacewa, mun tara a bokiti mun ga tsakuwa ƙanana a gindi. Wannan tazara, tsakanin inda ruwa yake a hutu da inda ya koma ana ja, ita ce saukar ruwa. Ku lura, mun ninka ja daga 2,000 zuwa 4,000, amma saukar ta wuce ninki uku. Ma'ana tsagar ba ta iya turo ruwa da saurin da famfo ke kwasa.

Da ruwa ya koma wurinsa, muka yi doguwar ja, awa 24 ba tsayawa, da lita 3,000 a awa. Ya sauka mita 16, ya kai 37, kuma har muka kashe inji bai tsaya ba, yana ta zamewa kaɗan-kaɗan. Wannan ne ya hana ni amincewa da 3,000.

Sai dawowa. Kun san rijiyar gari: mata su ƙwalƙwale ta da hantsi, ta kwana ta tsattsafo. Haka ne a nan, sai dai mu da awo muke bi. A awa ta farko ruwa ya hau mita 11 cikin 16 ɗin. Bayan awa 6 saura mita 2. Bayan kwana guda cur, da sauran santimita 40 bai cika ba. Farkon da sauri, ƙarshen da jan ƙafa, kuma ƙarshen nan ne abin dubawa. Idan aka tada famfo kullum kafin ruwa ya gama dawowa, gibin yau zai hau kan na jiya, har wata rana ya faɗi ƙasa da mita 46. In tsagar ta zauna a bushe, ruwa zai ragu, famfo ya sha iska ya ƙone.

Don haka abin da na tsayar shi ne lita 2,000 a awa, awa 10 a rana, sauran awa 14 hutu. Lita 20,000 ke nan, wato tano 100, ko bido 800 mai lita 25. Kun ce ku 850 ne. A lissafin lita 20 ga kowane mutum, 17,000 sun tafi. Ragowar 3,000 za ta ishi awaki da tumakin gida, amma ba garken shanu ba, ba lambu ba. Shanu su ci gaba da shan tsohuwar rijiya.

Na ji wasu na cewa ranar haƙa ruwa ya yi tsiri har sama, don haka a sayo babban famfo. Ruwan nan iskar inji ce ta watso shi na ɗan lokaci, ba awo ba ne. Kada ku yarda a sa muku wanda ya wuce lita 2,000 a awa, ko da kyauta ne. A rataye shi a mita 50, da na'urar da za ta kashe shi in ruwa ya kai mita 42.

Mai kula da famfo ya riƙa rubuta lokacin tadawa da na kashewa a littafi, a kuma auna ruwa da asuba sau ɗaya a wata. In kun tarar ya sauka ya wuce mita 25, ku rage awoyi ku kira ni. Mun yi gwajin nan da bazara, lokacin da ruwa ke ƙasa, to lissafin bai da ha'inci, sai dai in damina ta gaza.

Ruwan da muka ɗiba yana wurin bincike a Damagaram. Kada a fara sha sai sakamako ya fito, ni zan kawo shi da kaina.

Wassalamu.

Naku,
Ma'aikacin da ya gwada foraj