Takardar Ba da Haƙuri kan Jinkirin Kayan Anko

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ya iyali da hidimar biki?

Na yi miki alkawarin turamen atamfa 24 na ankon bikin 'yarki za su iso Kaduna ranar Litinin, amma sai Juma'a suka shiga hannunki. Laifina ne, kuma ina ba ki haƙuri.

Da muka zo ɗaure kayan, sai muka tarar turmi 5 ba kalar da kika zaɓa ba ce. Na tsaya jiran dila ya kawo irinta, maimakon in kira ki a ranar ki yanke abin da ya fi miki. Wannan shirun nawa shi ya fi damuna, domin na san tela na jira, kuma kwana 4 ba ƙaramin abu ba ne ga mai biki.

Na mayar miki da kuɗin mota, naira 8,000, ta asusunki yau da safe. Idan tela ya nemi ƙari saboda ɗinkin gaggawa, ki sanar da ni, ni zan biya.

Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya.

Naki,
Mai shagon atamfa,
Kasuwar Kantin Kwari, Kano