Abin da za ku ce idan kalma ta wuce ku a aji

Zuwa ga ɗaliban ajin yamma na koyon Hausa, rukunin sababbin shiga.

Mako 3 ke nan da muka fara, kuma na lura da abu ɗaya: in na tambaya ko an gane, kowa sai ya gyaɗa kai, amma in na duba littattafanku sai in tarar an bar gurbin kalmar fayau. Shi ya sa na rubuto muku wannan takarda. Ku liƙa ta a bangon littafinku daga ciki.

Kafin komai, ku ɗaga hannu ku ce “Malama”, ko “Malam” in namiji ne ke gaban allo. In dattijo ne, “Allah ya gafarta Malam” ya fi daɗin ji. Sai ku ɗan dakata ya waiwayo.

In ba ku ji abin da aka faɗa ba:

“Malama, ban ji ba. Don Allah a maimaita.”
“A ɗan ƙara faɗa sannu a hankali.”
“A ɗan ɗaga murya, mu na baya ba ma ji.”
“Kalmar ƙarshen ce ta wuce ni.”

Ku lura da wannan ƙaramin “a” ɗin. “Ki maimaita” ko “ka maimaita” ba laifi ba ne a nahawu, amma kunnen Bahaushe yana jin su kamar umarni in daga ɗalibi suka fito. “A maimaita” ba ta nuna kowa da yatsa, shi ya sa ta fi ladabi. Kuna iya cewa “ku maimaita mana” ma, don ana yi wa babba jam'i ko da shi kaɗai ne. “Me?” da “Iye?” kuwa ku bar wa abokanku. Wanda bai ji ba ya ce “Na'am?” yana ɗaga murya a ƙarshe, ya wadatar.

In kun ji kalmar sarai, ma'anarta ce ba ku sani ba, kada ku ce “ban ji ba”, don zan sake faɗin kalmar ne kawai da ƙarfi, mu koma gidan jiya. Ku ce:

“Mene ne ma'anar tsatso?”
“Ban gane wannan kalmar ba, a yi mini bayani.”
“A saka mana ita a cikin jimla.”
“Akwai wata kalma mai ma'ana irin tata?”
“Mene ne kishiyarta?”

Ta ukun nan na fi so a yi mini. Sau da yawa jimla guda tana warware abin da dogon bayani ya kasa.

Inda kuka fi shan wuya shi ne kalmomin da rubutunsu ɗaya, furucinsu daban, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ranar Laraba na rubuta “gari” a allo, wata daga cikinku ta karanta shi da jan wasalin farko, muka tashi daga wurin da mutane ke zama muka faɗa cikin abin da ake tuƙa tuwo da shi. An yi dariya, ita ma ta yi, amma tun ranar ba ta sake ruɗewa ba. A irin wannan wuri ku tambaya:

“Yaya ake furta ta?”
“Wasalin dogo ne ko gajere?”
“Wane garin ake nufi a nan?”
“In faɗa a ji ko daidai ne?”

Haka ma baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Kafa daban, ƙafa daban. In kunnenku bai raba su ba, ku ce: “Da k mai lanƙwasa ake rubuta ta?” ko kuma “A rubuta mana a allo.” Ni ban taɓa gajiya da ɗaukar alli saboda wannan ba.

Wani lokaci kuma kuna ganin kamar kun gane, amma zuciya ba ta kwanta ba. To ku mayar mini da maganar da bakinku: “Wato kenan tsatso shi ne asalin mutum?” In daidai ne zan ce haka ne, in da gyara in gyara nan take.

In na yi bayani har sau biyu abin bai shiga ba, kada kunya ta sa ku ce kun gane. “Har yanzu dai da saura, Malama” ta isa. In kuma kun ga lokaci ya ƙure: “Ko zan iya samunku bayan an tashi?” Ina nan a ajin na minti 10 bayan kowane darasi.

Ranar Litinin zan karanta muku gajeren labari da kalmomi 5 da ba mu taɓa yi ba, kuma ba zan bayyana ko ɗaya ba sai an tambaye ni.

Malamarku