Neman izinin ganawa da Malam game da kundin digirina

Zuwa ga Dakta Kabiru Isma'ila,
Sashen Nazarin Tarihi.
Alhamis, 6 ga Nuwamba, 2025.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan saƙo zai sami Malam da iyali cikin ƙoshin lafiya, ina kuma yi wa Malam sannu da fama da ayyukan wannan zango.

Sunana Rabi'atu Garba, ɗalibar aji huɗu a Sashen Nazarin Tarihi, kuma ina cikin ɗaliban da sashe ya danƙa wa Malam duba kundinsu na kammala digirin farko. A bara na ɗauki darasin Malam na tarihin tattalin arzikin Nijeriya ta Arewa a zamanin mulkin mallaka, kuma daga wannan darasi ne na samo batun da aka amince mini in yi bincike a kansa, wato cinikin gyaɗa a ƙasar Kano daga 1912 zuwa 1975. Na rubuto ne domin in roƙi Malam ya ba ni lokacin ganawa a ofishinsa, na kimanin minti talatin, kafin ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar da sashe ya tsayar don miƙa tsarin bincike da babi na ɗaya. Na ga ya dace in bayyana abin da ke tafe da ni tun yanzu, domin idan Allah ya sa an haɗu kada in cinye wa Malam lokaci da dogon bayani.

Babban abin da nake neman shawarar Malam a kansa shi ne faɗin batun. Da na fara karatu a kansa sosai, sai na lura cewa waɗannan shekaru sittin da uku sun ƙunshi zamani uku mabambanta, kuma kowanne daga cikinsu ya isa a yi masa kundi guda. Na farko shi ne lokacin da cinikin ya kankama bayan layin dogo ya iso Kano a 1911 aka kuma buɗe shi ga jigilar kaya a 1912, lokacin da Turawa suke sa ran auduga ce za ta cika jirgin ƙasa, amma manoma da fatake suka karkata ga gyaɗa. Na biyu shi ne zamanin da manyan kamfanonin Turawa suka riƙe sayen amfanin ta hannun wakilansu na gida, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga fataucin goro na hanyar Gwanja, ya kuma rasu a 1955. Na uku shi ne zamanin hukumomin ciniki, tun daga hukumar gyaɗa da aka kafa a 1949 da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, har zuwa farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta lalata gyaɗa a daminar 1975. A ganina, idan na ce zan haɗa duka ukun a kundi mai babi biyar, abin da zai fito bai zai wuce taƙaita littattafan da aka riga aka rubuta ba, musamman da yake Jan Hogendorn ya yi aiki mai zurfi a kan farkon cinikin a littafinsa na 1978, kuma ba na jin ɗalibar digirin farko za ta ƙara wani abin kirki a wannan ɓangare cikin 'yan watannin da suka rage.

Saboda haka na yi tunanin hanyoyi biyu na rage batun, kuma ba na so in tsayar da ɗaya ba tare da Malam ya duba ba.

Hanya ta farko ita ce in tsaya a kan shekarun 1949 zuwa 1975, in kuma keɓe binciken ga ƙasar Bichi, inda iyayena suka fito, in duba yadda gyaɗa take fitowa daga hannun manomi ta bi ta hannun 'yan baranda da masu awo da wakilai masu lasisi har ta isa dalar gyaɗa a birnin Kano. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne cewa hukuma ce take yanke farashi a farkon kowace kaka, amma tsakanin farashin da aka sanar da abin da ya shiga aljihun manomi akwai bashin da ya ci tun da damina, akwai kuɗin dako, akwai kuma yadda ake awo a sikeli, ga harajin da lokacin biyansa yake zuwa daidai da kaka. Yawancin abin da na karanta yana magana ne a kan yawan tan ɗin da aka fitar da kuɗin da gwamnati ta tara, ba a cika jin bakin manomin da ya sayar ko ɗan barandan da ya saya ba. Akwai dattawa a Bichi da ƙauyukan kewaye waɗanda suka yi wannan harka da ƙuruciyarsu, kuma kawuna ya yi mini alkawarin zai raka ni wurinsu. Waɗannan dattawa duk sun manyanta ƙwarai, wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ganin jinkirta hira da su ba alheri ba ne.

Hanya ta biyu ita ce in duba gyaɗar da ba ta taɓa shiga buhun hukuma ba, wato wadda mata suke saya su soya, su fitar da mai su yi ƙuli-ƙuli a cikin gidajensu, yara su kai talla. Wannan sana'a ta rayu tare da cinikin fitarwa, ta kuma ci gaba bayan dalar gyaɗa ta ɓace, kuma kasancewata mace zai sauƙaƙa mini shiga gidaje in yi hira da tsofaffin da suka yi ta. Polly Hill ta taɓo sana'o'in matan aure na cikin gida a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, don haka akwai abin da zan iya kwatantawa da shi. Damuwata a nan ita ce ƙarancin rubutattun hujjoji, domin irin wannan ciniki ba ya shiga rahoton jami'an gwamnati sai jefi-jefi, kuma ina tsoron kada kundin ya dogara ga hira kaɗai, ya koma kamar nazarin zamantakewa maimakon na tarihi.

Zuciyata ta fi karkata ga hanya ta farko, tare da keɓe wani sashe na babi na huɗu ga sana'ar matan, amma hukuncin yana wurin Malam, kuma duk wadda Malam ya ga ta fi dacewa da matakin da nake, ita zan bi. Idan kuma rage batun zai buƙaci a sauya taken da sashe ya riga ya amince da shi, ina roƙon Malam ya nuna mini matakin da ake bi, ko takarda zan rubuta zuwa ga Shugaban Sashe ta hannun Malam, ko kuwa amincewar Malam ta wadatar.

Abu na biyu ya shafi wuraren da zan nemo bayanai. Ina da niyyar zuwa Kaduna a hutun ƙarshen wannan zango domin in duba takardun Lardin Kano a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, musamman rahotannin shekara-shekara da na kiyasin haraji na gundumomi, in kuma leƙa ɗakin karatu na Arewa House. A nan Kano kuma ina so in je Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Da yake kuɗin da nake da shi ba zai ɗauki zama mai tsawo a Kaduna ba, zai taimaka mini ƙwarai idan Malam ya nuna mini rukunin fayilolin da ya kamata in fara nema, da kuma ko tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo za su amfane ni wajen sanarwar farashi da wasiƙun masu karatu. Haka kuma ina roƙon takardar gabatarwa daga sashe mai ɗauke da sa hannun Malam, wadda zan nuna a waɗannan wurare da kuma wurin hakimi da dagatai kafin in fara hira da mutanensu.

Abu na uku ƙarami ne. Na tsara tambayoyin hira guda goma sha biyar da Hausa, kuma ina so Malam ya duba su kafin in fita da su, musamman waɗanda suka shafi bashi da awo, domin wasu daga cikin waɗanda zan tambaya 'ya'ya ne ko jikokin mutanen da suka yi wakilcin sayen gyaɗar, kuma ba na so tambayata ta zama kamar tuhuma ga iyayensu. Ina kuma neman jagorar Malam kan yadda zan nemi izininsu kafin in naɗi murya, da yadda zan ambace su a cikin kundin idan wani bai so a bayyana sunansa ba.

Game da lokaci, na duba jadawalin darussana na ga cewa ba ni da lacca ranar Talata 11 ga Nuwamba daga ƙarfe goma zuwa sha biyu na rana, da ranar Alhamis 13 ga Nuwamba daga ƙarfe biyu da rabi zuwa huɗu na yamma, sai kuma ranar Litinin 17 ga Nuwamba da safe har zuwa azahar. Na kawo waɗannan ranaku ne don sauƙaƙawa kawai, domin na san Malam yana da darussa da tarurruka da sauran ɗaliban da yake dubawa. Idan babu wanda ya yi daidai a cikinsu, duk ranar da Malam ya sa zan daidaita al'amurana in zo, in sha Allahu. Idan kuma Malam ya fi son ya haɗa mu gaba ɗaya da sauran ɗaliban da ke ƙarƙashinsa, hakan ma ya yi mini, kuma zan iya isar musu da saƙon.

Na haɗo takardu uku da wannan saƙo: daftarin tsarin bincike mai shafi huɗu wanda ya ƙunshi hanyoyin biyu da na ambata, da jerin littattafai da maƙalun da na karanta zuwa yanzu, da kuma tambayoyin hirar. Zan zo da kwafinsu a buge ranar ganawar, idan kuma Malam ya fi son ya same su a takarda tun kafin ranar, zan ajiye su a wurin sakataren sashe gobe Juma'a da safe. Amsar Malam za ta same ni ta wannan adireshi na imel, wanda nake dubawa kullum.

Ina godiya ƙwarai da lokacin da Malam ya ɗauka ya karanta wannan dogon saƙo. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi da ɗaukaka.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibar Malam,
Rabi'atu Garba,
Aji Huɗu, Sashen Nazarin Tarihi.