Darasi na huɗu: lissafin yaɗuwar annoba da ma'anar R0

Ga ma'aikatan kiwon lafiya masu ɗaukar horo a Tawa. Wannan takarda ta zaman safiyar Talata ce, ku karanta ta da alƙalami a hannu.

Abokan aiki, jiya wata ungozoma daga cikinku ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan mako: me ya sa ƙyanda take shiga wani gari ta kama yara uku ta tsaya, ta shiga maƙwabcinsa ta kwantar da ɗari? Ƙwayar cutar ɗaya ce. Amsar tana cikin lissafin da Kermack da McKendrick suka fitar a 1927.

Mu ɗauki gari mai mutane N, mu kasa su uku. S su ne waɗanda cutar za ta iya kamawa, ba su taɓa yin ta ba kuma ba su da rigakafi. I su ne masu ɗauke da ita yanzu, suna iya shafa wa wasu. R su ne waɗanda suka fita daga sarƙar, ko sun warke sun samu kariya, ko Allah ya yi musu rasuwa. Ku ƙaddara randa uku ne a jere, ruwa na tsiyaya daga ta fari zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, ba ya komawa baya.

```
dS/dt = − β·S·I / N
dI/dt = β·S·I / N − γ·I
dR/dt = γ·I
S + I + R = N
```

Kada dS/dt ta firgita kowa, nufinta kawai yawan canjin da S ke yi a rana. β ita ce yawan cuɗanyar da maras lafiya ɗaya ke yi a rana wadda ta isa ta sa cuta ta tsallaka. Amma ba kowa ya haɗu da shi zai kamu ba, sai wanda ke cikin randar fari, shi ya sa ake ninkawa da S/N. γ kuwa kason majinyatan da ke daina shafa wa mutane a kowace rana. In mutum kan yi kwana 4 yana yaɗawa, γ ita ce 1/4.

Layi na biyu shi ne cibiyar darasin. Masu ciwo suna ƙaruwa ne in masu shiga randar tsakiya sun fi masu fita, wato in β·S/N ta fi γ. In muka raba da γ sai mu samu:

```
R0 = β / γ
R0 · S/N > 1
```

R0 ita ce yawan mutanen da maras lafiya ɗaya zai shafa wa tun daga kamuwarsa har warkewarsa, a garin da ba wanda ke da kariya. Ku lura, wannan R ɗin daban take da randa ta uku, harafi kawai suka haɗa. In kowane majinyaci yana barin magaji fiye da ɗaya, ciwo yana bunƙasa. In bai kai ɗaya ba, goma su haifi takwas, takwas su haifi shida, har sarƙar ta tsinke. Ɗaya ita ce iyaka.

Mu gwada da garin da muka ƙaga, mai mutane 10 000, β = 0,5, γ = 0,25. R0 ta zama 2. Mutum 10 suka dawo daga tafiya da ciwon. Ranar fari kusan 5 za su kamu, tsakanin 2 da 3 su warke. A rajistar asibiti wannan ba zai ɗaga wa kowa hankali ba, alhali masu ciwon suna ninkuwa duk bayan kusan kwana 3. Haka za a yi ta hawa har S ta sauko zuwa N/R0, wato 5 000. A ranar nan ne annobar ke kai ƙololuwa, da majinyata kimanin 1 530 a lokaci guda.

Nan ne mutane da dama ke yin kuskure, kuma kuskuren yana cin rai. Kaiwa ƙololuwa ba ƙarewa ba ce. Waɗancan 1 530 ɗin suna nan suna shafa wa jama'a, duk da kowannensu bai kai ya bar magaji ɗaya cikakke ba. Kason z na waɗanda za su kamu daga fari zuwa ƙarshe yana fitowa daga:

```
z = 1 − e^(−R0·z)
```

Da R0 = 2, z tana kusa da 0,80. Kusan mutum 8 000 ke nan, 3 000 daga ciki bayan an ce ciwo ya fara sauka. Don Allah kada ku naɗe tabarmar aiki don kun ga lambobin mako sun fara raguwa. Sauran 2 000 kuma da suka tsira, ba wani ƙarfin jini gare su ba. Ciwon ne ya rasa hanyar isa gare su.

Yanzu a ce an rage cuɗanya da kashi ɗaya cikin huɗu, an keɓe majinyata, an rage cunkoson dubiya. β ta koma 0,375, R0 ta koma 1,5. Masu kamuwa gaba ɗaya sun sauko kusan 5 800, ƙololuwar ta tsaya wajen 630. Wanda ya taɓa shimfiɗa wa majinyaci tabarma a ƙasa don gado ya ƙare ya san abin da ke tsakanin 1 530 da 630. Daga nan kuma ku gane cewa R0 ba halin ƙwayar cuta kaɗai ba ne, har da yadda mutane ke kwana, da taruwa, da tafiya.

Rigakafi kuwa yana kwashe mutum daga randar fari ya zuba shi ta uku ba tare da ya biya ta tsakiya ba. Kason da ake bukata shi ne:

```
p = 1 − 1/R0
```

Ga ƙyanda akan ce R0 tana tsakanin 12 da 18. Mu ɗauki 15: dole kashi 93 cikin 100 su kasance da kariya, masu iya kamuwa kada su wuce 7. Allurar fari ta wata 9 tana kamawa ga kimanin yara 85 cikin 100. Ko an yi wa kowane yaro ita, saura 15, sun haura 7. Dalilin allura ta biyu ke nan. Haka nan amsar ungozoma: garin da ƙyanda ta kama uku ta tsaya, R0·S/N ɗinsa na ƙasa da iyaka; maƙwabcinsa ya tara yaran da ba a yi wa ba.

Lissafin yana da inda ya gaza. Ya ɗauka kowa yana cuɗanya da kowa daidai wa daida, ya ɗauka β ba ta canzawa, ya manta da haihuwa. A ƙasarmu haihuwa na cika randar fari kullum. Ƙyanda a Yamai takan tashi da rani ta lafa da shigowar damina, lokacin da ƴan ci-rani ke komawa gona, sannan shekarun shiru su biyo baya kafin babbar annoba irin ta 2003 zuwa 2004. A shekarun shirun nan S ce ke taruwa. Sanƙarau, kamar wanda ya auka mana a 2015, ba ya shiga wannan tsari kai tsaye, don da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba. Shi za mu duba ranar Alhamis.

Aikin gobe: ƙauye mai mutane 3 000, cuta mai R0 = 12, mutum 2 700 suna da kariya. Ku lissafa R0·S/N, ku faɗi ko annoba za ta iya tashi. Sannan ku nemo mutum nawa ya kamata a ƙara yi wa rigakafi kafin ƙauyen ya sauko kan iyaka. Kowa ya zo da rajistar rigakafin yankinsa, da ita za mu sake lissafin.