Takardar Baba Sale

Hadiza ce ta fara ganin takardar ranar Litinin da safe, an danne ta da kofin shayi a kan teburin Baba Sale. Buzun sallarsa ba ya inda ya saba rataye shi. Ta leƙa waje ta yafuto Musa direba da Hamadu.

"Ku zo ku ji, Baba ya bar mana saƙo."

Ta gyara tsayuwa ta fara karantawa.

"Assalamu alaikum, 'ya'yana. Lokacin da za ku ga wannan, in Allah ya yarda na isa Garwa wurin ɗana. Ido ya ƙi, lambar mota ma sai na yi ta kanne-kanne. Alhaji ya sani tun watan jiya, ni na roƙe shi ya yi shiru, don na san Hamadu zai tara mutane a yi ta jawabi.

"Ina yaro jirgin ƙasa ya fara isowa Ngaundere a 1974, muka bi shi da gudu har tasha. Ban san a bakin tashar nan zan tsufa ina ƙirga buhunan da za su Njamena ba.

"Hadiza, makullin kabad yana cikin gwangwanin sukari. Kada mota ta tashi ba ki sake duba takardun kwastan ba. Harafi ɗaya ya kuskure, direba zai kwana uku a Kusiri. Musa, ka riƙa gwada birki kafin gangaren dutsen nan na hanyar Garwa, ka rage tauna goro kana waya. Mai shayi ba ya bina ko sisi, kada ya ruɗe ku.

"Saura magana ɗaya. Matar marigayi Buba tana zuwa kowane ƙarshen wata, nakan ba ta sefa 5,000 a ambulan. Tana zaton daga ofis ne. Ku bar ta da zatonta. In kun iya, ku ci gaba. In ba hali, ku gaya mata da lalama.

"Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Naku, Sale."

Hamadu ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Ashe daga aljihunsa ne? Ni da nake yi masa tsiya wai hannunsa jarirai ne!"

"Ranar Alhamis fa wata zai ƙare," in ji Hadiza.

Musa ya laluba aljihu ya ajiye 2,000 a kan teburin. Hamadu ya ce nasa sai an yi albashi.

"A'a, Yaya Hamadu, na san halinka. Kawo yanzu."

Yana cikin ƙirga canji yana ƙunƙuni wayar ofis ta yi ƙara: mota ta lalace a bayan Mora da buhunan fulawa, ga hadari ya haɗu. Hadiza ta ja kujerar Baba ta zauna, ta ce wa direban ya faɗo mata lambar motar.