Shafi na Huɗu

Dakta Hadiza ta ajiye jan biro, ta koma shafin farko don ta sake duba sunan. Nasiru ne dai. Yaron da ya faɗi kwas ɗinta bara, wanda in ta jefa masa tambaya a aji sai ya sunkuyar da kai har ta gaji ta wuce.

Maƙalar a kan musabbabin Yaƙin Duniya na Farko ce. Sauran ɗalibai sun tsaya a kisan Franz Ferdinand a Sarajevo ranar 28 ga Yunin 1914, suka yi ta juya shi. Shi kuwa ya bi ta layin dogo: ya nuna yadda shirin yaƙin Jamus ya rataya a kan jadawalin jiragen ƙasa masu kwasar soja, yadda shirin ya tilasta ratsawa ta Beljiyam, abin da ya jawo Birtaniya ciki ranar 4 ga Agusta. Manhajar gano satar rubutu ba ta kama komai ba. Amma manhaja ba ta san wanda aka biya ya rubuta wa wani ba.

In ta kai shi gaban kwamiti, zargin kaɗai ya isa ya bi shi har ya gama. In ta kau da kai, ta zalunci waɗanda suka yi gumi. Sai ta aika a kira shi.

Ya shigo yana murza hannu.

"Zauna. Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Malama."

Ta san marar gaskiya ma haka zai ce. Ta tura masa takardun.

"To, nuna min inda hujjarka ta fi rauni."

Bai yi lalube ba. Kai tsaye ya buɗe shafi na huɗu, ya ɗora yatsa a sakin layi na biyu, inda ita ma ta yi ɗan ɗigo da fensir a gefe.

"Nan ne. Na sa kamar jirgin ƙasa ne ya yanke hukunci, alhali mutane ne suka sa hannu. Na goge wurin na sake, na kuma gogewa, ya ƙi zama. Na so in cire shi, sai na ga sauran za su rushe." Muryarsa na rawa, amma yau bai sunkuyar da kai ba.

"Me ya sa ba ka taɓa magana haka a aji ba?"

"Kafin in haɗa amsa a raina an wuce ni, Malama. Wannan kuwa an ba mu wata guda."

Ta daɗe tana kallon yatsan nan. Sannan ta jawo takardun, ta rubuta 74.

"Shafi na huɗu ya ci maka maki. Gyaro shi ka kawo min ranar Litinin, ina so in ga yadda za ka fita."